Kwana Goma Sha Huɗu Kafin Taro

A ƙasar Rano akwai wani ɗan tsakani da manomi yake samun sukunin zama. Dawa ta shiga rumbu, gyaɗa ta tafi kasuwa, sanyin hunturu ya fara janyewa, zafin bazara kuma bai kankama ba. Masu zuwa cirani sun tafi amma ba su yi nisa da gida ba, masu aikin rani a Kadawa da Bunkure suna zuwa suna dawowa. A wannan tsakanin ne, daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Maris, takardar kiran babban taron shekara na ƙungiyar gama kai take fitowa. Na san takardar nan ciki da waje, domin a tsakiyar shekarun 1980 mahaifina ne sakataren wata ƙungiyar manoma da mambobinta suka warwatsu tsakanin Rano da Kibiya, tun Kibiya ba ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta ba. Ni ne kuma ɗan aiken, don ni nake da ƙafar taka keke da lokacin yawo.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Mutum ɗari ne da 'yan kai, kowa da hannun jarinsa da ɗan littafin ajiyarsa da muke kira fasbuk. Abin da ya haɗa su shi ne taki. A lokacin KNARDA ba ta daɗe da kafuwa ba, kuma Rano ce hedikwatar shiyyarta ta ɗaya, KASCO kuma tana kawo sufa da kamfa da yuriya. Manomi shi kaɗai yana iya wuni a bakin sito ya dawo hannu rabbana, amma ƙungiya mai rajista tana saye a dunƙule, ta ɗora 'yan kwabbai a kan kowane buhu, ta ba wasu bashi zuwa kaka. Da kaka kuma takan sayi hatsi ta ajiye, ta sayar da bazara. Daga nan rarar kuɗinta take fitowa, kuma a kan rarar nan ake kiran taron shekara.

Baba ba shi da ikon fitar da takardar duk ranar da ya ga dama. Sai an rufe littattafai a ƙarshen Disamba, sannan malamin gama kai ya zo a babur ya duba su. Wannan malami ma'aikacin gwamnati ne daga ofishin Rajistaran ƙungiyoyi, kuma zuwansa ba sabon abu ba ne. Tun a 1934 wani Bature mai suna C. F. Strickland ya rubuta rahoto a kan kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a Nijeriya, aka yi dokar farko a 1935, Jihar Arewa ta yi tata a 1956, Jihar Kano kuma ta gaje ta bayan an ƙirƙire ta a 1967. Abin da dokokin nan suka riƙe da ƙarfi shi ne binciken littattafai kowace shekara. Malamin yakan zauna a zaurenmu da littafin kuɗi da na bashi da tarin rasiɗai, ya sa ma'aji ya zube abin da ke cikin akwati a kan tabarma a ƙirga a gabansa, su je sito a ƙidaya buhuna ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sa hannu a ƙasan lissafin sannan kwamiti zai zauna ya tsai da rana. Wanda ya kira taron shekara kafin bincike, zancen baki kawai ya kira mutane su ji.

Tsai da ranar ma aiki ne. Ba a sa Juma'a, ba a sa ranar da wata kasuwa ta kusa take ci, domin manomi ba zai bar cinikin akuyarsa ya zo sauraron lissafi ba. Azumi bai dame mu ba, don a shekarun nan wajen Mayu da Yuni yake faɗowa. Wurin taro kuwa kaiwa da komowa ake yi, bana a ɓangaren Rano, baɗi a ɓangaren Kibiya, saboda kada wasu su ce kullum su ne masu shan tafiya.

Baba yakan rubuta takardar da hannunsa, mu kai wa wani mai tafireta a cikin garin Rano ya buga a kan sitansil, ya bar rabin shafin na ƙasa babu komai. A wannan filin ne wani malamin allo na unguwarmu yake kwafe saƙon da ajami, da ɗan ƙarfe mai tsini, yana danna hannu a hankali kada sitansil ɗin ya yage. Daga nan sai injin gurza takarda, ana juya hannunsa takardu suna faɗowa da ɗanyen tawada, ni ina baza su a kan benci su sha iska. Har yanzu idan na ji ƙamshin irin wannan tawadar sai raina ya koma can. Dattawanmu da yawa sun yi ajin Yaƙi da Jahilci, suna iya haɗa baƙin boko da ƙyar, amma idan ka ga sun juya takarda sun fara daga dama, to sun zo inda idonsu ya saba.

Abin da ke jikinta ba shi da yawa, sai dai babu layin banza. A sama sunan ƙungiya da lambar rajistarta. Sai a ce: ana sanar da dukkan 'yan ƙungiya cewa za a yi babban taron shekara ranar kaza, ga watan Bature kaza, wanda ya yi daidai da kaza ga watan Musulunci, a makarantar firamare ta wuri kaza, bayan sallar azahar. Ba a rubuta ƙarfe biyu, domin kowa ya san azahar, ba kowa ke da agogo ba. Sunan ranar kuma shi ne abin dogaro, don watan Musulunci yana iya saɓawa da kwana ɗaya tsakanin kalanda da ganin wata, amma Talata ba ta saɓawa. A ƙasa sai jerin abubuwan da za a tattauna: karanta bayanin taron bara a amince da shi, rahoton kwamiti, lissafin kuɗi da rahoton mai bincike, yadda za a raba rara, iyakar bashin da ƙungiya za ta iya ciyowa daga waje a shekara mai zuwa, zaɓen sabon kwamiti, sannan sauran batutuwa. Daga ƙarshe sa hannun sakatare da hatimin ƙungiya, wanda ni nake bugawa a kan kowace takarda har tafin hannuna ya yi shuɗi.

Batun iyakar bashi mutane da yawa sukan wuce shi da ido, alhali yana da nauyi. A lokacin Bankin Noma da Gama Kai na Nijeriya, mai hedikwata a Kaduna, yana ba ƙungiyoyi rance, kuma duk abin da kwamiti ya ciyo da sunan ƙungiya, dukiyar kowa ce take ɗaukarsa. Adadin da taro ya yanke shi ne linzamin kwamiti har shekara ta zagayo.

Dokar cikin gida ta ƙungiyarmu ta ce takarda ta isa hannun kowane mamba kwana goma sha huɗu kafin taro. Baba yana da tsanani a wajen ƙirga kwanakin nan. Ba ya lissafa ranar da aka miƙa takardar, ba ya lissafa ranar taron, kuma ba ya fara ƙirge daga kwanan watan da aka buga a sama. Daga ranar da mutum na ƙarshe ya karɓi tasa yake farawa. Saboda haka sai ya ware mako guda na rabo kafin kwanakin su soma. Yakan ce da ni, “Kai, wanda yake Tarai da wanda yake bayan gidanmu kuɗinsu iri ɗaya ne a akwati, kwanansu ma ya zama iri ɗaya.”

Ina fita da asuba da jakar takardu da wani littafi mai layi da ɗan kwalin tawadar dangwale. A littafin an jera sunan kowane mamba da lambarsa, da gurbin kwanan wata, da gurbin sa hannu ko dangwala yatsa. Yau in yi wajen Rurum da duwatsunta, gobe Saji da Lausu, jibi in miƙa Kibiya in gangara Durba da Fammar. Hanyar rani ce, yashi yana kama taya sai ka sauka ka tura. Idan na isa gari ba na zarcewa gidan mamba, sai na fara durƙusawa gaban mai unguwa ko dagaci na ce, “Ranka ya daɗe, Baba ne ya aiko ni da takardar taron ƙungiya,” in ba shi tasa ta girmamawa ko da shi ba mamba ba ne. Shi zai sa mai shela ya zaga da dare. Amma shela ba ta maye gurbin takarda. Mai shela rana da wuri kawai yake faɗa, ba ya faɗar abin da za a yanke, kuma ba a iya nuna wa malamin gama kai shela a cikin littafi.

Akwai amfanin da yarinta ta yi mini. Muna da mambobi mata ƙalilan, galibi waɗanda mazajensu suka rasu jarin ya koma hannunsu. Babban mutum a zaure zai tsaya, ni kuwa ina yin sallama a ce in shigo. In durƙusa in ce, “Inna, ga takardar taro,” ta ce, “Karanta mini, ɗan nan,” in karanta tun daga sama har ƙasa, ta dangwala yatsa, a ba ni fura in sha. Wata tsohuwa a wajen Kahu ba ta taɓa barina in tashi ba sai na maimaita mata adadin bashin da bai dawo ba sau biyu. Idan mai gida ya tafi cirani, a bar takardar wurin iyalinsa, a rubuta sunan wanda ya karɓa a gefen nasa.

Takarda ta biyu, wadda ake liƙa wa ta farko da allura, ita ce ta fi daraja a wurina yanzu. Taƙaitaccen lissafi ne a shafi ɗaya: jimillar hannun jari, jimillar ajiyar mambobi, bashin da ke hannun mutane, kuɗin da ke akwati da na banki, kayan da suka rage a sito, sai rarar shekara da shawarar kwamiti a kan yadda za a kasafta ta. Bari in buga misali da alƙaluma masu sauƙin rabo. A ɗauka rarar ta kama naira 2,000. Kashi ɗaya cikin huɗu, wato naira 500, asusun ko-ta-kwana yake tafiya, ba a taɓa shi; haka muke yi, haka kuma dokar tarayya ta 1993 ta tanada daga baya. A cire naira 300 ta ihsanin sakatare da ma'aji da ɗan abin wayar da kan mambobi. Saura naira 1,200, ita ake rabawa gida biyu. Naira 400 a kan hannun jari: idan jimillar jarin naira 4,000 ne, kowace naira ta haifi kwabo 10. Naira 800 kuma a kan cinikin da mutum ya yi da ƙungiya: idan an sayar da buhu 1,600, kowane buhu ya mayar wa mai shi kwabo 50. Manomin da jarinsa naira 10 ne kuma ya sayi buhu 10 zai tashi da naira 1 ta jari da naira 5 ta ciniki, naira 6 ke nan. Wannan tsari na mayar da rara gwargwadon ciniki, da na mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, tsohon abu ne da ake dangantawa da masaƙan Rochdale ta Ingila da suka buɗe kantinsu a 1844, ko da yake a Rurum babu wanda ya damu da inda ya samo asali.

Da takardar nan a hannu, kwanaki goma sha huɗun nan ba zaman jira ba ne. A gaskiya a cikinsu ake yin rabin taron. Bayan sallar isha'i za ka ga an taru a dakalin ƙofar masallaci da aci-balbal, an kira wani ɗan makaranta ya karanta, kowa ya fito da fasbuk ɗinsa daga cikin leda. Mai buhu goma ya lissafa naira shidansa tun kafin ya bar gida. 'Yan gari ɗaya su haɗa ajiyarsu su ga ko ta yi kama da abin da aka rubuta. Wanda ake bi bashi ya ga adadin bashin da bai dawo ba, ya san za a karanta sunaye a bainar jama'a, sai ka ga ya ɗauki tiyar wake ya nufi kasuwa. Ma'aji yakan ce makonni biyun nan sun fi masa duk watannin kaka tara kuɗi. Masu neman shiga kwamiti kuma a lokacin suke zagayen gaisuwa da goro. Kafin ranar taro, duk tambayar da za a yi an riga an tauna ta, an kuma zaɓi mai bakin da zai yi ta.

Ranar taro, abu na farko da shugaba yake yi bayan addu'a shi ne ya sa sakatare ya karanta takardar kiran da ƙarfi, ya ɗaga littafin dangwale kowa ya gani, sannan a ƙirga kawuna. Dokarmu ta ce sai kashi ɗaya cikin huɗu na mambobi sun hallara taro yake ƙulluwa. Idan an jira kamar sa'a guda ba su cika ba, sai a ɗage zuwa rana irin ta yau a mako mai zuwa, a wuri ɗaya, kuma a wannan zama na biyu duk waɗanda suka zo su ne taro. An yi wannan sassauci ne don kada ƙungiya ta tsaya cik saboda kasala. Amma ƙofa ce, kuma mai son zuciya ya san da ita.

Shekarar da na ga an gwada shiga ta wannan ƙofa, Baba yana kwance ba lafiya, aka miƙa aikin takarda ga wani ɗan kwamiti. Ni aka ba ni na ɓangaren Rano kawai, aka ce na ɓangaren Kibiya za a ba wani direban da yake bin hanyar. Takardun suka kwana a cikin mota har mako ya wuce, wasu suka isa saura kwana uku, wasu ba su isa ba sam. A shekarar kuma taron a ɓangaren Rano ya faɗo. Ranar farko mutane ba su cika ba, aka ɗage. Babu wanda ya aika wa Tarai ko Nariya cewa an ɗage, tunda doka ba ta ce a sake rubuta takarda ba. A zama na biyu mutum ashirin da 'yan kai suka zo, mafi yawansu na cikin gari, masu ɗan abin hannu. Aka bi jerin batutuwa lami lafiya har aka zo na ƙarshe. A ƙarƙashin sauran batutuwa sai wani Alhaji, mai hannun jari da yawa, ya miƙe ya ce rabon rara a kan ciniki wahalar lissafi ce kawai, a mayar da ita duka a kan jari. Wani ya mara masa baya, aka ɗaga hannu, aka rubuta.

A koma ga misalin ɗazu a ga abin da hakan yake nufi. Idan naira 1,200 duka ta koma kan jarin naira 4,000, kowace naira za ta samu kwabo 30. Manomin nan mai jarin naira 10 da buhu 10, wanda ya sa ran naira 6, ya koma naira 3. Mai jarin naira 400 da ya sayi buhu 20, wanda a tsohon tsari zai samu naira 40 ta jari da naira 10 ta ciniki, wato 50, yanzu ya tashi da naira 120. Babu wanda ya saci kwabo daga akwati. Kuɗin da ƙananan manoma suka tara da sayen takinsu ne aka juya masa hanya, da ɗaga hannun mutanen da ba su kai rubu'in ƙungiya ba.

Labari ya isa Kibiya ta bakin 'yan kasuwa. Wasu dattawa uku suka zo gidanmu, suka duba Baba da jiki, sannan babbansu ya ciro takardarsa daga aljihun 'yar ciki ya ce, “Malam, ni wannan ta zo mini ana saura kwana uku. Kuma na sa an karanta mini ita sau biyu, ban ji inda aka ce za a taɓa rabo ba. Ko a taku an rubuta?” Baba ya ce, “Ba a rubuta ba.” Ya sa na ɗauko littafin dangwale. Shafukan ɓangaren Kibiya rabinsu babu komai, sauran kuma an cika su da biro ɗaya, kwanan wata ɗaya, da yatsan da ko ni yaro na ga iri ɗaya ne daga sama har ƙasa.

Dokar cikin gida ta ba mambobi damar neman taro na musamman idan wani adadi daga cikinsu suka sa hannu, don haka dattawan suka zaga garuruwansu suka tara yatsu, suka kai ƙorafi ga malamin gama kai. Shi kuwa bai tsaya yin shari'ar wane tsarin rabo ya fi adalci ba. Abu biyu kawai ya duba. Na ɗaya, shin kowane mamba ya samu kwanakinsa? Bai samu ba, saboda haka zaman farko ma bai ƙullu ba, balle na biyu da ya rataya a kansa. Na biyu, yadda ake raba rara yana rubuce a dokar cikin gida, canza shi gyaran doka ne, gyaran doka kuwa sai an rubuta lafazinsa a jikin takardar kira, an samu rinjaye na musamman, sannan an kai wa Rajistara ya yi masa rajista kafin ya fara aiki. Sauran batutuwa wurin maganar rufin sito ne da ya fara yoyo, ko wa za a tura gaisuwar ta'aziyya. Ba a zaɓe a nan, ba a korar mamba, ba a taɓa kuɗi. Ya ce a sake komai daga farko.

Aka sake buga takarda, wannan karon da shawarar Alhajin a rubuce dalla-dalla, boko da ajami, tsohon lafazi a sama sabo a ƙasa. Baba, yana jingine da matashi, ya dage sai an sa ta, ko da yake ba ya goyon bayanta, domin mai ita mamba ne kuma yana da haƙƙin a saurare shi. Ni na raba, har Ruwan Bago. Ranar taron aji bai ɗauki mutane ba, aka fito da bencuna gindin bishiya. Alhajin ya yi bayaninsa, kuma in faɗi gaskiya maganarsa ba duka ce ta son kai ba: ya ce da kuɗin masu jari ake biyan taki tun kafin manomi ya kawo nasa, idan ba su ga amfani ba za su janye. Wannan batu ne na gaske, ƙungiyoyi da yawa ƙarancin jari ne ya kashe su. Aka yi ta muhawara har la'asar ta yi sanyi. Shawararsa ta faɗi da rata mai yawa, amma aka amince a baɗi a kawo shawarar ɗan ƙara kason jari, a rubuce, a cikin takarda. Aka yi zaɓe, ɗan kwamitin da ya riƙe aikin rabo bai koma kujerarsa ba, ba tare da kowa ya ambaci sunansa ba.

Ban ce mutanen lokacin waliyyai ba ne, ga shi na ba da labarinsu. Su ma mambobin suna da nasu laifin, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: da yawa ba sa zuwa taro sai shekarar da rara ta yi kauri. Amma tun daga wannan shekarar na koyi gane takardar kira mai lauje cikin naɗi. Za ka ga ta zo a ƙurarren lokaci, ko an sa taron ranar kasuwa, ko babu takardar lissafi a bayanta an ce za a karanta a wurin taro, ko babu rahoton mai bincike a cikin jerin, ko an ce gyaran doka ba a faɗi wace doka ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya zama sakaci. Idan biyu ko uku suka haɗu a takarda ɗaya, mutum ya shirya tambayarsa.

Ƙungiyarmu ba rigima ce ta kwantar da ita ba. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta fara zubewa. Jarin da yake sayen mota guda ta taki ya koma ba ya sayen rabinta. Rabon taki ya koma bin wasu hanyoyi da ba su ratsa ta sitonmu ba, har a 1997 gwamnatin tarayya ta janye tallafin taki gaba ɗaya na wani lokaci. Babu rara, babu abin rabawa, mutane suka daina ganin dalilin taka keke zuwa taro. Takarda ta ci gaba da fita wasu 'yan shekaru, shafi biyu ya koma ɗaya, ajamin ya faɗi bayan rasuwar malamin da yake rubuta shi. A madadinta sai ga wasu irin ƙungiyoyi da suke tsirowa duk sanda aka ji ƙishin-ƙishin sabon shirin rance. Doka mutum goma take nema a yi rajista, mutum goma kuwa ba sa wuyar samu. Irin waɗannan suna da satifiket da hatimi, amma ka tambayi mamba yaushe aka yi taron shekara na ƙarshe, sai ya dube ka.

Yanzu ina cikin wata ƙungiyar ajiya da rance ta ma'aikata a Kano, kuma kiran taronmu ta WhatsApp yake zuwa. Ba na raina shi. Abin da a da nake kashe mako guda a kan keke ina yi, yanzu sakatare yana yinsa yana zaune, kuma wayar tana nuna wanda ya buɗe saƙo da lokacin da ya buɗe, shaidar da ta fi littafin dangwale wuyar maguɗi. Can gida ma ƙungiyoyin masu noman shinkafa da masara haka suke yi, har da saƙon murya don wanda ba ya karatu, abin da ya ɗauke aikin da nake yi a tsakar gidan tsofaffi. Sai dai sauƙin aikawa ya sa kwanakin sun ƙanƙance. Tunda ana iya sanar da kowa a cikin minti ɗaya, sai a bari sai ana jibi taro. Dattijon da wayarsa ƙarama ce a bakin jikansa zai ji, shi ma rana da wuri kawai, kamar dai shelar da. Shafin lissafi kuwa, wanda ɗaukar hotonsa a tura bai fi ƙiftawar ido ba, shi ne ya fi yawan ɓacewa. A taronmu na bara na rubuta wa sakatarenmu tun ranar da saƙon ya shigo na ce, “Malam Sakatare, a turo mana lissafin da rahoton odita mu duba kafin ranar.” Ya amsa mini cikin ladabi cewa shafi goma sha biyu ne, za a haska su a bango a wurin taro. Aka haska su kuwa, kowane shafi ya yi kamar rabin minti, mutum ɗari uku suna jiran a raba shinkafa, aka tambaya ko akwai mai magana, aka amince da lissafin.